Gwangwani Biyu a Kantin Unguwa

Mai kanti a unguwa ya yi cinikin naira 60,000 a yini, ya ga aljihun tebur cike, sai ya ɗauka ya samu. Amma idan ribarsa naira 10 ce a kowace 100, naira 6,000 kaɗai ce tasa. Sauran 54,000 kuɗin kaya ne, kasuwa za su koma.

Yanzu a ce ya ciri 5,000 na cefane, ya ba yara 2,000, uwargida kuma ta aiko a ɗebo sukari da sabulu na 1,500. Ya ci 8,500 ke nan, 2,500 daga ciki uwar kuɗi ce. A kwana 30 jari ya rame da 75,000, shi kuwa yana zargin yaron shago.

Maganin shi ne ya yanka wa kansa albashi ƙasa da riba, misali 4,500 kullum, ya jefa a gwangwani daban bayan an rufe. Kayan da aka kai gida ma a biya daga nan. Wannan ne ya fi wuya, don mutum na jin nauyin sayen abinsa. Ranar sari ake gane gaskiya: wanda ya saba ɗauko katan 10 na taliya, farashi bai motsa ba amma kuɗinsa na 8 ne, gida ya cinye 2.