Yadda za ka saita PID mutum-mutuminka ya daina tangaɗi

Injinan tayoyi biyu ba sa gudu daidai, shi ya sa mutum-mutumi ke karkacewa. A ce na'urar ƙirga juyi ta nuna 100 a hagu, 94 a dama. Kuskure 6 ke nan.

Fara mayar da Ki da Kd sifili. Riƙa ƙara Kp har ya soma tangaɗi, sai ka raba biyu. In a 4 ya soma, koma 2. Gyaran ya zama 12: rage wa hagu, ƙara wa dama.

Yana zarce layi kafin ya dawo? Ƙara Kd kaɗan. In injinan suka hau karkarwa, ya yi yawa.

Ki kuwa sai a ƙarshe, in har yanzu yana jan gefe ɗaya. In ka cika shi, tangaɗin zai dawo, amma a hankali.