“Alhaji, ka bar mini gidan nan ni kaɗai”

Duk wanda ya taɓa sa gida a kasuwa a Kano ya san wannan zaman. Dillali zai zo, a gaisa, sannan ya gyara zama ya ce: “Alhaji, ka bar mini gidan nan a hannuna ni kaɗai, kada ka ba wani.”

Hujjarsa ba ta banza ba ce. A ce gidanka yana Hotoro, ka yanke masa naira miliyan 40, ka faɗa wa dillalai biyar. Kowanne zai ɗora nasa a kai. Mai saye ya ji miliyan 43 a bakin wannan, gobe ya ji 45 a bakin wancan, jibi kuma wani ya raɗa masa cewa 38 ma za a sallama. Daga nan sai zargi ya shiga: ko gidan gado ne da ake rigima a kansa? Haka gida mai lafiya yake yin kwantai. Kuma ba dillalin da zai kashe kuɗinsa kan talla da zirga-zirgar nuna gida alhali ya san wani zai iya riga shi karɓar la'ada.

Ni dai ina ganin gaskiyarsa a nan. Matsalar tana cikin kalmar “ni kaɗai”, domin ma'ana biyu gare ta. Ta farko, ba za ka sa wani dillali ba, amma idan kai da kanka ka samo mai saye, ba ka da bashin kowa. Ta biyu, ko wa ya kawo mai saye, sai an biya shi. Idan kun yi yarjejeniya a kan kashi 5 cikin ɗari, miliyan 2 ke nan. Ƙaninka ya dawo daga Abuja ya sayi gidan, dillali bai taka ko ƙofa ba, amma in ma'ana ta biyu ka sa wa hannu, zai zo karɓar kuɗinsa, kuma yana da hujja. Saboda haka a rubuta wacce ake nufi, gaban shaidu.

A sa wa'adi kuma, misali wata uku, wanda ba ya sabunta kansa sai da yardarka. Dillali mai wayo zai nemi a ƙara cewa wanda ya nuna wa gidan cikin wa'adin, in ya dawo ya saya daga baya, la'adarsa na nan. Wannan adalci ne, muddin yana ba ka sunayen mutanen a rubuce tun lokacin da ya kai su.

Izinin nemo mai saye ba izinin sayarwa ba ne. Kwafin takardun gida ya ishe shi aiki, na asali su zauna a wurinka, kuɗi kuma su shiga asusunka kai tsaye. In haya ce, ku fayyace tun farko ko aikinsa ya ƙare da sa ɗan haya, ko har da karɓar kuɗin shekara da gyare-gyare.