Layuka huɗu na saman takardar neman aiki

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu ya ga yadda ake haɗa sibi, wato takardar da mai neman aiki ke zayyana karatunsa da ayyukan da ya yi. Mai shago zai buɗe ta wani da ya zo jiya, ya goge suna ya sa naka. Can sama, ƙarƙashin sunan, akwai 'yan layukan da kowa ya gada: mutum ne mai ƙwazo da riƙon amana, yana neman wurin da zai ba da gudummawa. Ba ƙarya ba ne, sai dai babu mai ɗaukar aikin da ya taɓa neman ƙwazo a akwatin bincike.

Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji da yawa ba sa karɓar takarda hannu da hannu. Idan ka loda sibi a shafinsu, takan faɗa cikin wata manhaja da ake kira ATS; Workday, Taleo, Greenhouse da SuccessFactors duk irinta ne. Aikinta na farko shi ne ta warware takardarka, ta zuba suna a gurbin suna, muƙami a gurbin muƙami, shekaru a nasu. Ana yawan cewa na'ura ce ke watsar da mutane tun ɗan Adam bai gani ba. Abin bai kai haka ba. Inda takan kori mutum kai tsaye, galibi a tambayoyin e ko a'a ne na fom: ka gama hidimar ƙasa? Kana da shekarun aikin da aka nema? Sauran kuwa, ma'aikaci ne zaune gaban ɗaruruwan takardu, ba zai iya karanta su duka ba, sai ya rubuta abin da yake so, misali:

```
"bank reconciliation" AND QuickBooks
```

Wanda kalmomin nan ke cikin takardarsa zai fito. Wanda babu, ba a kore shi ba, ba a dai gan shi ba ne. Wasu manhajojin sukan jera mutane gwargwadon dacewarsu da tallar, wasu ma suna gane kalmomi masu ma'ana ɗaya, amma kai da ke waje ba ka san wacce ka faɗa hannunta ba. Shi ya sa ake aron kalmar mai talla yadda ya rubuta ta.

A ɗauka wata matashiya ce a Kano, mai babbar difloma a fannin akanta, ta yi shekara huɗu tana riƙe lissafin wani dila a kasuwar Singa. Ta ga tallar wani kamfanin rarraba kaya yana neman Accounts Officer. Abin da ya kamata ta fara yi shi ne ta zauna da tallar da biro, ba da sibinta ba. Tallar na iya ƙunsar buƙatu ashirin, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Za ta ja layi ƙarƙashin sunan muƙamin, sannan abin da aka ce dole ne, sannan duk abin da aka maimaita. A tallar nan bank reconciliation ya fito sau uku, accounts payable sau biyu, an ambaci QuickBooks da Excel a jerin dole, an ce shekara uku zuwa sama. Iya mu'amala da mutane da jure matsin aiki suna can ƙasa, kuma kowace talla tana da su. Ta bar su.

Sai ta tambayi kanta a kan kowace kalma: na taɓa yin wannan? A nan ne masu ƙwarewa da yawa ke cutar kansu. Ita duk ƙarshen wata takan ɗauko bayanin asusu daga banki ta gwada shi da littafin shago, ta gano cakin da bai shiga ba da kuɗin da banki ya cire. Wannan shi ne ainihin bank reconciliation, amma a tsohuwar sibinta cewa ta yi tana duba asusun banki. Biyan masu kawo kaya a kan lokaci kuma shi ne accounts payable. Aikin yana hannunta tuntuni, sunansa ne ba ta kira ba.

QuickBooks fa? Ba ta taɓa amfani da shi ba, Sage 50 ta sani. To, ta rubuta Sage 50. Binciken can na sama zai tsallake ta, gaskiya ne, kuma asara ce. Amma wanda ya cusa abin da bai iya ba, ranar intabiyu za a juyo masa kwamfuta a ce bismilla. In tana son kalmar ta shiga da halal, ta koya tukuna, sannan ta rubuta cewa ta yi horo a kai.

Da Turanci za ta rubuta, tunda da shi aka yi tallar, kamar yadda ɗan'uwanta a Maraɗi zai ari kalmomin Faransanci na tallarsa. Ma'anar abin da za ta sa ita ce: akanta ce mai shekara huɗu a harkar sarin kayan masarufi; tana yin bank reconciliation na asusu uku kowane wata; tana kula da accounts payable na masu kawo kaya kusan arba'in; tana aiki da Sage 50 da Excel; tana neman muƙamin Accounts Officer. Kalma hamsin zuwa sittin sun isa. A lura kowace kalmar aro tana jingine da adadi ko da wurin da aka yi aikin. Manhaja kalmar take nema, ta samu. Mutumin da zai buɗe takardar bayan haka adadin ne zai tsayar da idonsa, don shi ne ke nuna ba kwafe aka yi ba. Kada kuma ta ba wa tsohon aikinta sabon suna; in akawu aka ɗauke ta, akawu za ta rubuta a sashen ayyuka, kuma can ɗin ya sake ambaton kalmomin da bayani, in ba haka ba layukan sama sun zama kirari.

Wasu sukan wuce gona da iri. Akwai mai jera kalmomi talatin da waƙafi kamar jerin cefane; binciken zai kamo shi, mai karatu kuma ya wuce. Akwai mai kwafe tallar sukutum ya liƙa a ƙasan takarda da farin rubutu, wai ido ba zai gani ba. Manhajar ba ruwanta da launi: idan ta warware takardar, rubutun kan bayyana fili a gaban wanda ake son burgewa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanda ya yi komai daidai, sannan ya buga takardar, ya sa hannu, aka yi mata sikanin aka loda. Ta zama hoto ke nan, kuma ba kowace manhaja ke karanta rubutun cikin hoto ba. Haka nan bayanin da aka sa cikin akwatin ado, ko a can goshin shafi, yakan ɓace ko ya hargitse wajen warwarewa. Gwajin ba wuya: buɗe fayil ɗin, danna Ctrl+A, sannan Ctrl+C, ka liƙa a Notepad. In layukanka huɗu sun fito a jere ana karanta su, to da alama manhajar ma za ta karanta. In fari fat ka gani, koma wurin mai shago ya ba ka ainihin fayil ɗin Word.