Na'urar ƙamshi: hattara da jariri, kyanwa da mai ciwon fuka

Jama'ar Attantane, yanzu akwai wata ƴar na'ura mai aiki da lantarki. Ana zuba mata ruwa da man ƙamshi, sai ta fesa hazo mai sanyi. Ba hayaƙi ba ne, amma man yana shiga huhu.

Ɗigo 3 ya isa rabin kofin ruwa. Mu bar ƙofa buɗe, mu kashe bayan minti 30.

Kada mu kunna ta a ɗakin jariri. Man na'a-na'a da na itacen turare suna iya wahalar da numfashinsa. Kyanwa kuwa, hantarta ba ta iya sarrafa wannan mai, don haka mu bar mata hanyar fita.

Idan mai fuka ya fara tari, ƙirjinsa yana shewa, mu kashe na'urar nan take. Mu fitar da shi waje, ya shaƙi maganinsa. In numfashi bai daidaita ba, sai asibiti.