Gazawar Toshe Adireshin IP a Kan Shafin da ke Masaukin Haɗaka

1.0 Gabatarwa

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin bayyana dalilin da ya sa toshe adireshin IP ba ya biyan bukata idan shafin da ake nufi yana zaune ne a masaukin haɗaka, watau inda shafuka masu yawa, kowanne da sunansa, suke kan kwamfuta guda. Irin wannan kwamfuta mai ajiye shafuka ita ake kira saba. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, adireshin IP yana nuna sabar ne kawai, ba ya nuna shafi. Saboda haka wanda ya toshe adireshi yakan afka cikin kurakurai biyu a lokaci guda: ya rufe shafukan da ba su yi laifin kome ba, sa'an nan wanda yake nema ya sulale ya bar shi da su.

2.0 Suna da Adireshi

Idan mutum ya rubuta sunan shafi a burauzarsa, kwamfutarsa takan fara tambayar tsarin DNS adireshin da ya dace da wannan suna. Da ta sami adireshin sai ta rarraba saƙonta ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin inda ya fito da na inda za shi. Na'urorin da ke kan hanya, waɗanda ake kira rauta, wannan adireshi suke dubawa su miƙa ƙunshin gaba. Sunan shafin ba ya cikin abin da suke karantawa.

Ana iya kwatanta wannan da akwatin gidan waya na makaranta. Malamai da ɗalibai da leburori duk lambar akwati ɗaya suke bayarwa. Aikin gidan waya ya ƙare da zarar wasiƙa ta shiga akwatin. Masinjan makaranta ne zai duba suna ya ba kowa tasa. Idan aka umarci gidan waya da ya daina saka wasiƙa a akwatin saboda ɗalibi guda, to, an yanke wa makarantar gaba ɗaya wasiƙa.

Tun asali ba haka shafuka suke cunkushe ba. A tsohon tsarin HTTP ba a wajabta wa burauza faɗin sunan shafin da take nema ba, don haka kowane suna yakan bukaci adireshinsa. To amma adireshin IPv4 bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba, kuma a shekarar 2011 hukumar IANA ta raba ragowar da ke hannunta. Tun kafin a kai ga haka, tsarin HTTP/1.1 na shekarar 1997 ya wajabta layin `Host` a cikin kowace bukata. Ga yadda bukatar take:

```
GET / HTTP/1.1
Host: makaranta.example
```

Wannan layi shi ne sunan da masinja ke dubawa. Saba guda mai adireshi guda tana iya riƙe ɗaruruwa ko dubban shafuka, ta ba kowane mai nema nasa bisa ga abin da ya rubuta a `Host`. Da aka koma ga HTTPS, inda ake ɓoye saƙo, sai wata matsala ta taso: dole sabar ta san takardar shaidar wane shafi za ta nuna kafin ta iya karanta `Host`. An warware wannan a shekarar 2003 da ƙarin SNI, inda burauza ke faɗin sunan shafin tun a gaisuwar farko. Ke nan a duka hanyoyin biyu sunan yana cikin saƙon ne, a matakin da ke sama da wanda toshewar adireshi ke aiki.

3.0 Misali Daki-daki

Mu ɗauka cewa jami'in kula da kwamfutoci na wata kwaleji ya sami ƙorafi game da shafin `zamba.example`, wanda ke karɓar kuɗin ɗalibai da sunan rajista. Sunaye da adiresoshin da za mu yi amfani da su a nan na misali ne, waɗanda aka keɓe don koyarwa. Da farko jami'in ya nemi adireshin shafin, sa'an nan ya sa doka a katangar tsaron kwalejin:

```
dig +short zamba.example
203.0.113.10
iptables -A FORWARD -d 203.0.113.10 -j DROP
```

Ya gwada, shafin bai buɗe ba, ya ɗauka aiki ya kammala. Abin da bai duba ba shi ne, `makaranta.example` da `asibiti.example` da wasu shafuka masu yawa duk a 203.0.113.10 suke. Dokar da ya sa ba ta san kalmar `Host` ba. Duk ƙunshin da ya nufi wannan lamba zubar da shi take yi. Washegari ɗalibai suka kasa buɗe shafin da suke ɗaukar darasi a kai. Wannan shi ne kuskure na farko.

Kuskure na biyu ya biyo baya nan da nan. Mai shafin zamba bai mallaki adireshin ba, haya yake yi, kuma babu abin da ya ɗaure shi da shi. Ya kwashe kayansa zuwa wani masaukin, ya canza bayanin `A` na sunansa a DNS zuwa 198.51.100.25. Kowane bayani na DNS yana da wa'adin da ake riƙe shi kafin a sake tambaya, wanda ake kira TTL. Idan ya sa wa'adin a daƙiƙa 300, cikin minti biyar ɗalibai za su riƙa samun sabon adireshin, shafin kuma ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Tsohuwar dokar tana nan daram, amma yanzu marasa laifi kaɗai take tarewa. Idan jami'in ya bi shi ya toshe sabon adireshin, ya ƙara wani rukunin maƙwabta a cikin waɗanda suka cutu. Kowane zagaye mai zamba minti kaɗan yake ɓatawa, asarar kuwa taruwa take yi a kan masu gaskiya.

4.0 Abin da ya Faru a Ostireliya

Kada a zaci wannan kuskure na ƙananan ma'aikata ne kawai. A shekarar 2013 hukumar ASIC, mai sa ido kan kamfanoni da harkokin zuba jari a Ostireliya, ta yi amfani da sashe na 313 na dokar sadarwa ta 1997 ta nemi kamfanonin intanet su toshe wasu shafukan zamba. Adireshin IP ta ba su. A watan Afrilu na wannan shekara shafin Melbourne Free University, wata ƙungiya mai shirya laccoci kyauta, ya ɓace wa masu amfani da wasu kamfanonin, tare da wasu shafuka kimanin 1,200 da ke kan adireshi ɗaya da shafin zambar. Masu shafin sun yi kwanaki ba su san wanda ya rufe su ba, balle dalili. Daga baya hukumar ta bayyana wa majalisar dattawan ƙasar cewa wata toshewar tata ta shafi shafuka kusan 250,000, ko da yake ta ce mafi yawansu ba su ɗauke da wani abin kirki. A shekarar 2014 kuma ta amsa cewa ma'aikatanta da suka nemi toshewar ba su san adireshi ɗaya na iya ɗaukar shafuka da yawa ba.

Darasin da ke nan shi ne, kamfanonin intanet sun aiwatar da abin da aka ce musu daidai. Na'ura ba ta yi kuskure ba. Kuskuren yana cikin zaton cewa lamba ɗaya tana nufin shafi ɗaya.

5.0 Yadda Ake Gane Matsalar

Kafin a toshe, ya kamata a tambaya: su wa ke zaune a wannan adireshi? Amsar ba ta da sauƙi, domin DNS an gina shi ne ya kai mutum daga suna zuwa lamba. Umarnin `dig -x 203.0.113.10` yakan dawo da suna guda ne, galibi na kamfanin masaukin, ba jerin 'yan haya ba. Amma wannan ma alama ce: idan sunan da ya fito na kamfanin masauki ne, akwai kyakkyawan zaton adireshin na haɗaka ne. Wata alamar ita ce a rubuta lambar tsurarta a burauza. Idan shafin kamfanin ya fito, ko gargaɗin cewa takardar shaida ta wani suna ce daban, to, sabar tana jiran a faɗa mata suna ne.

Bayan an toshe kuwa, ana gane maƙwabcin da tsautsayi ya rutsa da shi ta alamomi uku. Sunansa yana ba da adireshi lafiya lau a DNS. Burauza takan yi ta jira har lokaci ya ƙure ba tare da wata amsa ba, domin zubar da ƙunshin ake yi shiru. Sa'an nan idan aka gwada shi ta wani layin daban, alal misali ta wayar hannu, sai ya buɗe. Idan waɗannan uku suka haɗu, sai a nemi adireshin a cikin dokokin katangar tsaro.

6.0 Sauran Hanyoyi da Iyakokinsu

Tun da suna ne ke bambanta shafi da shafi, toshewar da ta fi dacewa ita ce wadda ke karanta suna. Ana iya hana sabar DNS ta cikin gida amsa sunan `zamba.example`. Wannan ba ya taɓa maƙwabta, kuma yana bin shafin duk inda ya koma. Rauninsa shi ne mai amfani na iya komawa wata sabar DNS, musamman tun da aka fito da tsarin ɓoye tambayar DNS cikin HTTPS a shekarar 2018. Ana kuma iya tace saƙo bisa sunan da ke cikin SNI, amma wannan na bukatar na'ura mai ƙarfi, sunan shafi kawai take gani ba fejin da ke cikinsa ba, kuma sabon ƙarin ECH yana ɓoye sunan shi kansa. Hanyar da ta fi kai wa ga tushe ita ce a kai ƙara ga kamfanin masaukin, domin shi ne mai gida, shi kaɗai ke iya fitar da ɗan haya guda ya bar saura.

Ba mu ce toshe adireshi ba shi da amfani sam ba. Yana aiki idan an tabbatar sabar ta mutum guda ce, ko kuma idan abin da ake tsoro daga na'urar kanta yake fitowa, kamar kwamfutar da ke kawo hari. Ko a nan ma ya kamata a sa wa dokar ranar da za a sake duba ta, saboda adireshi yana canza hannu.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa tun daga shekarar 1997 aka raba suna da adireshi a tsarin shafukan intanet, kuma toshewar IP adireshi kaɗai take gani. Shawararmu ga duk wanda zai sa hannu a takardar toshewa, jami'in kwaleji ne ko na hukuma, ita ce ya rubuta sunan shafin da ake nufi, ya binciki ko adireshin na haɗaka ne, ya kuma tanadi wurin da wanda aka rufe bisa kuskure zai kai kukansa.