Hoto ɗari biyu, farin shimfiɗa ɗaya

Mai sayar da jakunkuna ta intanet ta shimfiɗa koren kyalle, ta ɗauki hoton jaka ɗari biyu. Sai kasuwar ta ce fari take so a bayan kaya. Amazon, alal misali, ta shardanta cewa babban hoton kaya ya zauna kan fari fat, wanda kwamfuta ke rubutawa 255, 255, 255, kayan kuma su cika kashi 85 cikin ɗari na hoton. Goge koren da hannu, ɗaya bayan ɗaya, aikin kwanaki ne.

Da yake launin bayan guda ne, manhajar kyauta mai suna ImageMagick tana gama aikin da umarni ɗaya. A fara buɗe sabuwar folda mai suna fari, domin idan babu `-path` sabbin hotuna za su hau kan na asali su shafe su.

```
magick mogrify -path fari -fuzz 15% -fill white -draw "color 0,0 floodfill" -trim -resize 900x900 -gravity center -background white -extent 1000x1000 *.jpg
```

Manhajar tana duba launin kusurwar hagu ta sama, ta malala fari daga nan har sai ta ci karo da wani launi dabam. Daga nan ta datse gefuna, ta daidaita girman jakar, ta ajiye ta tsakiyar farin fili mai 1000 a tsaye da kwance.

Inda gizo ke saƙar shi ne lambar `-fuzz`. Koren da ido ke gani iri ɗaya, a wajen kyamara kore ne kala-kala: gefen taga ya fi haske, ƙarƙashin jaka ya fi duhu. Lambar ce ke faɗa wa manhajar iya bambancin da za ta yafe. Idan ta yi kaɗan, kamar 5, sai a ga dabbare-dabbaren kore sun rage, musamman wurin inuwa. Idan ta yi yawa, kamar 40, farin ya kan kutsa cikin jakar ya ci gefenta. Shi ya sa ake gwadawa da hoto biyar tukuna, har da mafi duhu da mafi haske, a zuƙo gefen kayan a duba.

Akwai abin da lamba ba ta gyarawa. Koren da ke tsakiyar hannun jaka yana nan daram, tunda fata ta kewaye shi, farin bai sami hanyar shiga ba. Ana iya sa `-opaque` ya sauya kore duk inda yake, amma jakar da ke da koren ado za ta fito da fararen ramuka. Kaya masu sheƙi kuwa, irin su kwalbar turare, suna ɗaukar koren a jikinsu.

A ganina, mai kaya masu duhu gara tun farko ya yi ɗauka kan farar takarda ko mai ruwan toka-toka, da haske ta gefe biyu. Ko an sami ɗan saura a gefe, ba ya tsone ido kan fari. Launi mai ƙarfi a bar wa fararen kaya, su ma a ɗan nisanta su da kyallen.