Matakan Barci da Dalilin Raguwar Nannauyan Barci Idan Shekaru Suka Ja

Barcin dare ɗaya ya ƙunshi matakai huɗu da ƙwaƙwalwa ke bi tana sake maimaitawa tun daga kwanciya har wayewar gari. Kowane zagaye yakan ɗauki kimanin minti 90, wani lokaci ya gaza haka, wani lokaci ya kai minti 110, kuma baligi mai lafiya yakan yi zagaye huɗu zuwa shida a dare. An gano wannan tsari ne da na'urar da ke auna wutar ƙwaƙwalwa ta wasu ƙananan wayoyi da ake mannawa a fatar kai. A shekarar 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago suka ba da rahoton cewa akwai lokutan da idanun mai barci ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma idan aka tashe shi a lokacin yakan ce mafarki yake yi. A 1957 Kleitman da ɗalibinsa William Dement suka nuna cewa waɗannan lokuta suna zuwa suna komawa bisa tsari.

Mataki na farko shi ne gyangyaɗi. Yakan ɗauki 'yan mintoci kaɗan, idanu suna juyawa a hankali, jiki ya fara saki, wani sa'in ƙafa ta zabura kamar mutum zai faɗa rami. Wanda aka tasa a nan yakan rantse cewa idonsa biyu. Mataki na biyu shi ya fi kowanne tsawo, don yakan cinye kusan rabin dare. Bugun zuciya da numfashi suna raguwa, zafin jiki ya ɗan sauka, kuma ƙwaƙwalwa tana fitar da wasu gajerun kaɗawa masu sauri waɗanda ke taimakawa wajen toshe ƙarar waje.

Mataki na uku shi ne nannauyan barci. Idan mutum yana farke, ƙwayoyin ɓawon ƙwaƙwalwarsa kowace tana aikinta a nata lokacin, kamar hayaniyar kasuwa, shi ya sa na'ura ke zana ƙananan layuka masu sauri. A nannauyan barci kuwa miliyoyin ƙwayoyin sukan yi shiru tare, su motsa tare, kamar jam'in masallacin Juma'a da ke amsa amin da murya ɗaya. Sai na'ura ta zana manyan igiyoyi masu tafiya a hankali, daga ɗaya cikin daƙiƙa biyu zuwa biyu cikin daƙiƙa ɗaya. Masu auna barci suna yanka dare zuwa gutsattsarin daƙiƙa 30, kuma ba a lissafa gutsure cikin mataki na uku sai irin waɗannan igiyoyi sun cika aƙalla kashi 20 cikin 100 nasa, tsayin kowace igiya kuma ya kai maikurobolt 75. A wannan mataki hawan jini yana sauka, kuma jiki, musamman na maza, yana sakin kaso mafi girma na sinadarin girma da ke gyara tsoka da nama. Tashin mutum a nan yana da wuya. Yaron da ya yi barci a tabarmar tsakar gida, aka ɗauke shi aka kai ɗaki bai ko motsa ba, yana cikin wannan mataki, haka ma yaron da ke tafiya cikin barci ko ya farka da kururuwa a farkon dare, da safe kuma ya ce bai san an yi ba.

Na huɗu shi ne barcin mafarki, wanda likitoci ke rubutawa REM. Ƙwaƙwalwa tana aiki kusan kamar ta mai ido biyu, numfashi da bugun zuciya ba su da tsari, amma an kashe ƙarfin tsokokin gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake gani a mafarki. Idan hankali ya farka kafin tsokokin su dawo, shi ne dannau: mutum yana ji yana gani, ya kasa ɗaga ko yatsa. Yakan wuce da kansa cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci.

Zagayen dare ba iri ɗaya ba ne. A ɗauki saurayi ɗan shekara 20 da ya kwanta ƙarfe goma na dare. Kafin goma da rabi ya shiga nannauyan barci, ya kuma zauna a ciki minti 20 zuwa 40. Wajen sha ɗaya da rabi mafarkin farko zai zo, gajere, bai fi minti goma ba. Zagaye na biyu yana da nannauyan barci, sai dai bai kai na farko ba. Daga ƙarfe biyu zuwa gaba kusan babu shi, sai mataki na biyu da barcin mafarki, wanda ke ƙara tsawo har ya kai rabin awa ko fiye gab da asuba. Saboda haka wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya ya tashi ƙarfe biyar ya samu mafi yawan nannauyan barcinsa, abin da ya fi yin asara shi ne barcin mafarki.

Abubuwa biyu ke tsara wannan rabo, kamar yadda Alexander Borbély na Jami'ar Zurich ya bayyana a 1982. Na farko shi ne nauyin barci da ke taruwa muddin mutum yana farke, kuma wani sinadari mai suna adinosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa yana cikin masu jawo shi. Nannauyan barci ne ke sauke wannan nauyi, shi ya sa yake zuwa da wuri, yana raguwa yayin da nauyin ke ƙarewa. Na biyu shi ne agogon jiki, wani ɗan curin ƙwayoyi a can ƙasan ƙwaƙwalwa da hasken rana ke saitawa. Shi ke buɗe wa barcin mafarki hanya a ƙarshen dare, lokacin da zafin jiki ya fi sauka.

Nannauyan barci ya fi yawa a ƙuruciya, kuma raguwarsa tana farawa tun kafin furfura. A shekarun balaga ƙwaƙwalwa tana rage tarin mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyinta, ta bar waɗanda ake amfani da su, sai igiyoyin su ragu sosai tun kafin mutum ya kai shekara 20. Wannan raguwa alamar nunar ƙwaƙwalwa ce. Ta biyu kuwa tana zuwa a tsakiyar rayuwa. A shekarar 2000 Eve Van Cauter da abokan aikinta a Chicago suka fitar da sakamakon auna barcin maza 149 masu lafiya, 'yan shekara 16 zuwa 83. A tsakanin 'yan 16 zuwa 25, nannauyan barci ya kai kusan kashi 19 cikin 100 na dare. A tsakanin 'yan 36 zuwa 50 bai kai kashi 4 ba. A barcin awa bakwai, wannan ya kama kimanin minti 80 ga saurayi, kimanin minti 15 ga magidanci. Wasu binciken da suka haɗa mutane masu yawa sun sami raguwa mai sauƙi fiye da wannan, kuma mata sukan riƙe nannauyan barci fiye da maza sa'anninsu, amma duk sun yarda cewa raguwa ake yi.

Babban dalili yana cikin ɓawon ƙwaƙwalwa. Manyan igiyoyin sun fi tasowa daga sashen gaba, bayan goshi, kuma wannan sashe yana cikin waɗanda suka fi saurin sirancewa da shekaru. Idan ƙwayoyi da mahaɗansu suka ragu, waɗanda ke motsi tare ba su da yawa, sai igiyar ta fito gajera. A 2013 Bryce Mander da Matthew Walker na Jami'ar California da ke Berkeley suka nuna cewa tsofaffin da sashen gaban ƙwaƙwalwarsu ya fi sirancewa su ne masu raunin igiyoyi, su ne kuma suka fi manta kalmomin da aka koya musu kafin su kwanta. A nan ma'aunin maikurobolt 75 yana da hannu a lissafi. Igiyar dattijo tana iya yin tafiyar hawainiya yadda ya kamata amma tsayinta ya tsaya a 60, sai mai aunawa ya jefa ta cikin mataki na biyu. Don haka takardar gwaji da ta nuna sifili ba ta nufin igiyoyin sun ɓace ɗungurungum, sun dai yi rauni.

Dalili na biyu shi ne nauyin barci ba ya taruwa da ƙarfi a jikin tsoho kamar a jikin matashi, kuma agogon jiki yana matsowa gaba, ƙarfinsa yana raguwa. Dattijo ɗan shekara 70 yakan fara gyangyaɗi bayan isha'i, ya farka ƙarfe uku idonsa tar. Idan ya yi dogon barci bayan azahar, ya riga ya sauke wani kaso na ɗan nauyin da ya tara, sai na dare ya ƙara sauƙi.

Sauran dalilan daga jiki suke zuwa, kuma su ne aka fi iya gyarawa. Kafin a kai mataki na uku sai an bi ta na ɗaya da na biyu ba tare da katsewa ba, duk farkawa kuma tana mayar da mutum farko. Tashi fitsari sau uku ko huɗu, ko saboda kumburin furostet ko ciwon suga, yana yin haka. Ciwon gwiwa da na baya suna yi, haka zufa da zafin jiki da ke taso wa mata a shekarun ɗaukewar al'ada, haka ɗaki mai zafi a watannin bazara. Goro, shayi da kofi suna ɗauke da kafeyin, wanda ke toshe wurin da adinosin ke kamawa, kuma jiki yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin ya rage rabinsa. Goron da aka ci bayan la'asar yana nan yana aiki a lokacin kwanciya, ko da mai cinsa ya ce ba ya hana shi barci: barcin zai zo, amma igiyoyin za su ragu. Ƙwayoyin barci irin su dayazifam suna tsawaita mataki na biyu su rage na uku, ga kuma haɗarin faɗuwa da suke jawo wa tsofaffi.

Raguwar nannauyan barci ita kaɗai ba cuta ba ce. Dattijon da barcinsa ya yi sauƙi, yana farkawa sau ɗaya ko biyu ya koma, kuma yana wuni garau, yana cikin abin da shekaru ke kawowa. Abin da ya fita daga wannan shi ne minshari mai ƙarfi da numfashi ke ɗaukewa a cikinsa na daƙiƙa goma ko fiye, sannan mutum ya zabura da shaƙewa, da ciwon kai da safe, da barcin da ke sace mutum yana zaune cikin jama'a ko yana tuƙi. Waɗannan alamun toshewar maƙogwaro ne cikin barci, tana da alaƙa da hawan jini, kuma tana da magani. Mai ita ba kasafai yake sani ba, wanda ke kwana kusa da shi ne ke ji, don haka ya kamata su je wurin likita tare.